Yadda na rubuta umarnin bidiyon gayyatar bikin Yayata: shadda, lalle da tafiyar kyamara a hankali

Waɗanda suka kalli bidiyon wannan makon sun ga ɗan gajeren bidiyon gayyatar biki da na nuna a ƙarshe, mai sakan 20, kuma na yi alƙawarin zan rubuta umarnin da na yi amfani da shi dalla-dalla. To ga shi, tare da dalilin kowane layi, domin in ka kwafa kawai ba ka san dalili ba, ranar da kalar shaddarku ta bambanta da tamu za ka rasa inda za ka gyara.

Asalin maganar, Yayata ce za ta yi aure a Kano, ni kuma ina nan Birtaniya ina fama da karatun digiri na biyu a injiniyanci. Dangi sun warwatsu, wasu a Jidda, wasu a Kumasi, wasu a Yamai, kati na takarda ba zai isa hannun kowa ba. Sai ta kira ni ta ce, "Kai da kullum kana cikin kwamfuta, ka haɗa mana ɗan bidiyon da za a sa a sitatus. Ban son fuskata a ciki. A ga aikin riga, a ga lalle, a ga rana, shi ke nan." Saura mako biyar biki a lokacin, kuma kiredit ɗin da nake da shi a manhajar haɗa bidiyo ta ƙirƙirarriyar basira ba shi da yawa. Kowane gwaji kuɗi ne yake ci.

Gwajin farko da abin da ya fito

Akwatin da ake rubuta umarni a ciki, wanda za ka ga an rubuta `prompt` a kansa, na cika shi da abin da kusan kowa zai fara rubutawa:

```
Beautiful wedding invitation video, embroidered fabric,
henna hands, slow camera, cinematic
```

Bidiyon ya fito da kyau, ba ƙarya. Jan yadi mai ƙyalli, awarwaro sun cika hannu, fata fara, zanen lalle siriri-siriri ya rufe hannun har gwiwa, ga furanni ruwan lemo a warwatse. Na tura wa Yaya, ba a yi minti biyu ba ta dawo mini da saƙon murya: "Wannan ai amaryar Indiya ce. Dangin miji su gani su ce me?"

Gaskiyarta. Irin waɗannan manhajoji sun koyi aikinsu ne daga tarin hotuna da bidiyon da ke intanet, kuma inda duk aka haɗa kalmar aure da kalmar `henna` a Turanci, galibin abin da ke can bikin Indiya ne da na Pakistan. Duk gurbin da ka bari ba ka cike ba, da wancan za ta cike maka. Ƙara kalmar `Hausa` ya taimaka kaɗan, amma sai ta koma kawo atamfa mai kaloli barkatai. Da na rubuta `shadda` da `aska takwas` kuwa, ko alamar ta gane ban gani ba.

Darasin farko ke nan. Sunan abu ba ya isa, sai ka siffanta shi kamar kana yi wa telan da bai taɓa zuwa Arewa ba bayani ta waya: wane irin yadi, wace kala, zaren ya yake, zanen wace siffa gare shi, haske daga ina yake zuwa.

Fita ɗaya, abu ɗaya, motsi ɗaya

Galibin manhajojin nan gajeren bidiyo suke bayarwa a kowane umarni. A lokacin da na yi wannan aikin, Veo 3 na Google yana ba da sakan 8, Kling da Runway kuma akwai zaɓin sakan 5 ko 10. A cikin wannan ɗan lokacin in ka ce a nuna riga, a nuna hannu, a nuna rubutu, sai manhajar ta yi ta sauri tana cakuɗa su, hannu ya narke ya zama yadi a tsakiyar bidiyo. Shi ya sa na raba aikin gida uku, kowanne da umarninsa: fitar farko aikin riga, ta biyu hannu da lalle, ta uku filin da za a ɗora rubutu. Daga baya na yanke su na haɗa a CapCut.

Kafin ka rubuta komai, ka saita tsarin hoto a `9:16`, wato tsaye, tunda a waya za a kalla. In ka haɗa shi a kwance sannan ka zo yankewa, rabin aikin rigar zai tafi.

Fita ta farko: aikin riga

Rigar angon farar shadda ce mai ɗan ruwan madara, da aikin aska takwas da zare ruwan zuma. Ga yadda na siffanta ta:

```
Macro shot of cream cotton damask with a soft sheen, laid flat.
Dense hand embroidery in honey-gold thread: long narrow
dagger-shaped triangles side by side. Warm light from the left
at a low angle, each stitch casting a small shadow.
Camera slides right, from the first triangle to the third.
The fabric stays still. One continuous shot.
```

Bari mu bi shi. Shadda a Turanci `damask` ce, wasu su ce `brocade`, a ƙasashen Faransanci kuma `bazin`. Na zaɓi ta farko domin ta biyun ta riƙa kawo mini yadi mai nauyi irin na labule. Askar kuwa na kira ta da siffarta, dogayen zane masu tsini a jere, tunda abin da ido ke gani ke nan.

Layin haske shi ne wanda mutane suka fi mantawa, alhali shi ke sa aiki ya fito. In haske ya sauko daga sama kai tsaye, zaren ba ya yin inuwa, sai aikin ya zama kamar an buga shi da inji a kan takarda. In ya zo daga gefe a ƙasa-ƙasa, kowane ɗinki yana jefa 'yar inuwarsa, nan take ido ya gane cewa zare ne ya tashi a kan yadi. Ka gwada da fitilar wayarka a kan hular da ke kanka, za ka gani.

Layin da ya ce yadin ya tsaya cik shi ma da dalilinsa. In ba ka faɗa ba, manhajar tana son ta kaɗa yadi kamar iska na busawa, kuma da zarar ya fara kaɗawa zanen ya fara sauya siffa.

Maganar "a hankali"

Nan ne na fi ɓata kiredit, nan ne kuma karatuna ya ɗan yi mini rana. Kalmar `slow` ita kaɗai ba ta da ma'auni. Wani gwajin kyamarar ta tsaya kamar hoto, wani kuma ta share rigar gaba ɗaya cikin sakan uku ta fara ƙirƙiro wani yadin. Sannan a kula, `slow motion` wani abu ne daban: yana rage saurin abin da ke motsi a gaban kyamara ne, kamar ruwa ko hayaƙi, bai shafi tafiyar kyamarar ba.

Sauri dai nisa ne a raba da lokaci. Lokacin an riga an yanke maka shi, sakan 8. Saboda haka abin da ya rage a hannunka shi ne nisa. In ka gaya wa manhajar inda kyamara za ta tashi da inda za ta tsaya, ka riga ka gaya mata saurin. Dalilin da ya sa na rubuta daga aska ta farko zuwa ta uku ke nan.

Mu yi lissafin da hannu, tunda kowa ya san tsawonsa. Daga wuyan hannu zuwa ɗan gaba da kan yatsu bai wuce santimita 20 ba. A sakan 8, santimita 2.5 ke nan a kowane sakan. Bidiyon yana da firem 24 a sakan, jimilla 192, wato kyamara na matsawa kamar milimita 1 tsakanin firem da firem. Manhajar ba ta riƙe da magwaji, ba kuma za ta bi lissafin daidai-wa-daida ba, amma tunda ka ba ta mafari da maƙura, da wuya ta yi gudu.

Wannan jinkirin ba don kyau kawai ake yin sa ba. Manhajar ba ta san akwai zare na gaske a wurin ba, hoton take zanawa tana ƙoƙarin firem na gaba ya yi kama da na baya. Zane siriri mai maimaituwa, irin ɗinki da lalle, shi ya fi ba ta wahala. In kyamara na gudu, sai ka ga zaren yana rarrafe kamar tururuwa, fure mai ganye biyar ya koma mai bakwai. In tana tafiya a hankali, bambancin da ke tsakanin firem kaɗan ne, zanen ya fi zama a wurinsa. Haka kuma WhatsApp in ya matse bidiyon, wanda motsinsa kaɗan ne ya fi tsira da kyansa.

Sunayen motsin ma a bambance su. `pan` kyamara na tsaye wuri ɗaya tana juya kai, kamar mutum ya waiga. `slide` ko `truck` kyamarar ce gaba ɗaya ke tafiya gefe, kuma wannan ne ke ba da sulalewar nan da ake so. `dolly in` ko `push in` kyamarar na matsowa kusa da abin. Ɗaya za ka zaɓa a kowace fita. Na gwada haɗa sulalewa da zagayawa sau ɗaya, abin da ya fito jiri yake sawa.

Fita ta biyu: hannu da lalle

Da farko na ɗora hannun a kan rigar angon, a ganina ya yi ma'ana. Umma ta gani ta ce, "Hannun amarya a kan rigar namiji tun ba a ɗaura ba? Cire." Sai na mayar da shi kan mayafin Yaya, ruwan kunkumadi mai aikin zare a baki. Wannan gyaran babu wani umarni da zai nuna maka shi, don haka ka nuna wa manya kafin ka saki.

Lallen da Yaya ke so irin namu ne: jan lalle a kan yatsu, baƙin zanen fulawa a bayan hannu, manya-manya, da fili a tsakaninsu fata na fitowa. Na Indiya ya fi siranta kuma yana cike hannu ba sarari. Wannan bambancin shi za ka rubuta. Kalar fata ma sai ka faɗa, in ba haka ba farar fata za ta ba ka.

```
Close-up of one woman's hand, dark brown skin, resting palm down
on a maroon veil with a gold stitched border. Fingertips dyed
deep red-brown. Three bold black flowers on the back of the hand,
bare skin between them. Bare wrist. The hand does not move.
Camera glides from wrist to fingertips. Soft window light.
```

Hannu ɗaya na ce, a kwance, a kife, ba ya motsi. Hannu biyu a harɗe nan ne yatsu ke haɗewa ko ɗaya ya ƙaru. Na ƙayyade furanni uku don in sami abin ƙirgawa in na zo dubawa. Awarwaro kuwa, maimakon in rubuta kar a sa, sai na rubuta wuyan hannu ba komai. In ka ambaci abu a cikin babban umarni, ko da cewa ka yi ba ka so, wani lokacin ambaton ne ke jawo shi. Manhajar da ke da akwati na daban mai suna `negative prompt`, can ne wurin irin waɗannan, kuma sunayensu kawai za ka jera:

```
bangles, marigold, sari, face, text, extra fingers
```

Abin da ya fi umarni ƙarfi: hoton gaske

Duk da wannan ƙoƙarin, aikin rigar da ya fito ya yi kama da aska takwas ne kawai, wanda ya san riga zai gane ba ita ba ce. Abin da ya warware matsalar shi ne fara bidiyon daga hoto, zaɓin da za ka ga an rubuta `image to video`. Na sa ƙanena ya je wurin tela ya shimfiɗa rigar kusa da taga da hantsi, ya kashe filashi, ya ɗauka a tsaye, ya turo mini a matsayin fayil don kar a matse shi.

Lallen ya ɗan fi wuya, domin gayyata tana fita makonni kafin biki, ƙunshin amarya kuwa sai ana saura 'yan kwanaki. Wato ranar da kake buƙatar hoton, babu lalle a hannunta. Sai aka kira mai lallen da za ta yi na bikin ta zana wa ƙanwarmu hannu ɗaya, aka ɗauka bayan an wanke kalar ta kama. Na tambayi ƙanwar kafin in ɗora hoton, tunda hoton yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfanin, ba a wayata yake tsayawa ba.

In ka fara daga hoto, umarnin yana gajarcewa sosai. Kala da zane da haske duk suna cikin hoton, in ka sake siffanta su kana ba manhajar dalilin sauya su ne. Motsi kawai za ka faɗa:

```
Slow push in toward the centre of the embroidery.
Fabric and pattern stay unchanged. One continuous shot.
```

Ku lura na sauya motsin daga tafiya gefe zuwa matsowa. Hoton da ka bayar shi ne firem na farko. In kyamara ta tafi dama, za ta shiga wurin da babu shi a hoton, dole manhajar ta ƙirƙiro ci gaban aikin daga kanta, a nan ne aska ta huɗu take fitowa a karkace. In kuwa matsowa take yi, duk abin da za a gani yana cikin hoton tun farko. Wanda ya nace sai sulalewa gefe, ya duba ko manhajarsa tana karɓar hoton farko da na ƙarshe, ya ba ta guda biyu da aka ɗauka a haske ɗaya da nisa ɗaya, ita ta cike tsakani.

Rubutu: kar ka bar wa manhajar

Fita ta uku yadi ne kawai, aiki a ƙasa, sama fili, kyamara na matsowa kaɗan-kaɗan. A umarnin na rubuta cewa kashi biyu cikin uku na sama yadi ne zalla ba zane.

Na gwada sau ɗaya in ga ko za ta iya rubuta "Ɗaurin Aure" da kanta. Ƙugiyar Ɗ ta ɓace, kuma haruffan suna rawa suna sauyawa yayin da kyamara ke tafiya. Ka yi tunanin hakan ta faru da sunan mahaifin ango, ko 12 ta koma 17 a ranar biki, kuma an riga an tura wa mutum ɗari uku. Sunaye da rana da wuri da lokaci, duk a manhajar tacewa na rubuta su da hannuna. Can ma akwai tarko: ba kowane salon haruffa ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba, musamman masu lanƙwasa irin na katin biki. Wani zai nuna ɗan akwati a gurbin harafin, wani ya aro shi daga wani salon ya fito daban da 'yan'uwansa. Noto Serif da Charis SIL duk suna da su. Gwaji mai sauƙi shi ne ka rubuta "ƙanƙara, ɗaɗɗaya, ɓarna" ka duba kafin ka zaɓa.

Ka bar rubutun a tsakiyar allo, domin sama da ƙasa sunan mai sitatus da akwatin amsa suna rufe su. Tsawon lokacin kuma na auna shi da Umma: sai da ta karanta komai a natse ba ta nemi a maimaita ba. Sakan 8 ya ishe ta. Rabon ya zama sakan 6 na riga, 6 na hannu, 8 na rubutu.

Yadda za ka duba kafin ka tura

Kallo ɗaya a waya ba ya nuna kuskure, ido yana biye wa kyan ne. Ka buɗe bidiyon a babban allo ka tsayar da shi a farko, a tsakiya, da ƙarshe. A kowace tsayawa ka ƙirga yatsu, ka ƙirga furanni, ka duba ko jan lallen yana nan a iyakar da ya fara ko ya hau sama. Sannan ka zaɓi fure ɗaya ko tsinin aska ɗaya ka kafa masa ido tun daga farko har ƙarshe. In ya yi numfashi, wato yana kumbura yana sacewa, ko ganyensa ya ƙaru, wannan fitar ba ta yi ba.

A gwaje-gwajena lalacewar ta fi zuwa a sakan biyun ƙarshe, lokacin da bidiyon ya yi nisa da firem na farko. Dalilin da ya sa na ɗauki sakan 6 kawai daga cikin 8 ke nan, ba sai na sake biyan wani gwajin ba. In kuma dole ka sake, ka sauya abu ɗaya tak a umarnin. Ka sauya haske da motsi da kala lokaci guda, ya gyaru, ba za ka san wanne ya gyara ba.

Gaba ɗaya gwaji 14 na yi, takwas daga ciki kafin in koma amfani da hoto. Da daga hoton na fara, da rabin kuɗin ya ishe ni. Kuma in kana gari ɗaya da rigar da mai lallen, fitar farko da ta biyu za ka iya ɗaukarsu da wayarka: ka ɗora ta a kan littafi, littafin a kan tawul, ka ja a hankali a kan tebur. Ni nisa ne ya sa na bi ta wannan hanyar.

Da na tura na ƙarshen, Yaya ta kalla ta ce furen tsakiya ya fi na hannun ƙanwarmu girma kaɗan, amma a bar shi haka. Umma ta sa aka ƙara "in sha Allahu" a gaban ranar. An saki bidiyon da daren Juma'a, kafin asuba kawunmu na Jidda ya kira yana tambayar wane tela ne ya yi aikin rigar.

Wanda ya gwada da leshi ko lafaya ya gaya mini yadda ta kasance, musamman leshi mai huji-huji, don shi nake son in gwada a bidiyo na gaba. Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu lokacin lafiya.